Fashin baƙi: Yadda ake soke rajistar da ke cin kuɗin kira a layin waya

Mutum ya goge manhajar, ya daina buɗe shafin, wani ma ya sauya wayar gaba ɗaya, amma duk ranar da ya saka kiredi sai ya tarar an gutsire masa wani abu. Wa ke cire kuɗin nan, kuma ƙofar wa ake bugawa a tsayar da shi? Wannan tambaya tana yawo a Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Kuseri, musamman a gaban teburin masu sayar da kiredi, inda ake yawan ɗora musu laifin da ba nasu ba. Ƙorafi a kan kamfanonin waya ba sabon abu ba ne a Kamaru. A watan Afrilun 2023 ma an ga yadda jama'a suka riƙa saka wayoyinsu a yanayin jirgin sama na wasu sa'o'i don nuna fushi a kan tsada da rashin ingancin sabis. Sai dai maganar rajista mai sabunta kanta tana da nata tsari daban, kuma wanda bai gane tsarin ba zai yi ta fushi ne kawai kuɗinsa na ci gaba da tafiya.

Mene ne biya ta hanyar layin waya?

Akwai ayyuka da yawa da ake sayarwa ta waya: wasanni, bidiyo, sakamakon ƙwallo, waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka, saƙon wa'azi ko na nasiha kowace safiya. A ƙasashen da kusan kowa ke da katin banki, da katin ake biyan irin waɗannan. A wajenmu kuwa mafi yawan mutane ba su da katin, amma kowa na da layi. Shi ya sa aka buɗe hanyar da mai sayar da aikin zai karɓi kuɗinsa kai tsaye daga kuɗin kiran da ke kan layin. Ba a neman lambar kati, ba a neman sa hannu. Lambar wayarka ita ce asusun.

A cikin cinikin nan mutum uku ne ke tsaye a gabanka, ko da yake ɗaya kaɗai kake gani. Akwai mai aikin, wato wanda ya mallaki wasan ko bidiyon, kuma sau da yawa ba ya ma cikin ƙasar. Akwai kamfanin tsakiya da ke haɗa shi da na'urorin kamfanin waya. Sannan akwai kamfanin wayar kansa, MTN ko Orange ko Camtel a Kamaru, Airtel ko Moov Africa a Chadi, wanda kuɗin ke hannunsa. Idan lokacin biya ya yi, mai aikin ne ke tura buƙata, kamfanin waya ya cire, daga baya su raba kuɗin bisa yarjejeniyarsu. Matsayin kamfanin waya a nan kamar na wakilin da ke karɓar kuɗin haya ne a madadin mai gida: shi ke zuwa ƙofarka, amma sunanka a littafin wani yake. Muddin ba a soke sunan a littafin ba, wakili zai ci gaba da zuwa.

Inda ya bambanta da katin banki

Wanda ya yi rajista da kati yana da madafa fiye da ɗaya. Yana iya neman takardar bayanin asusunsa ya ga sunan wanda ya cire kuɗi da ranar da aka cire. Yana iya sa banki ya toshe katin, a ba shi sabo mai wata lamba. Katin kansa yana da ranar ƙarewa. Akwai kuma hanyar da banki ke bi ya ƙalubalanci cirewar da mai kati bai yarda da ita ba.

Layin da ake saka wa kiredi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a bayyane. Ba a aiko maka da takardar ƙarshen wata. Lambar ba ta da ranar ƙarewa muddin kana amfani da ita. Ba za ka toshe ta ba, domin da ita abokan ciniki da dangi ke samunka, kuma galibi asusunka na Orange Money ko MoMo a kanta yake. Kuɗin da ake cirewa kuma ƙanana ne, sefa 50 ko 100 ko 150, irin wanda mutum zai ɗauka kira ne ya ci. Wannan ƙanƙantar ce ke sa abin ya daɗe ba a gano ba.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, rajistar a jikin lamba take, ba a jikin waya ba. Daga nan ne duk kurakuran da ake yi suke fitowa. Goge manhaja ba ya taɓa ta. Mayar da waya yadda ta fito daga kamfani ba ya taɓa ta. Cire sim a saka shi a ƙaramar waya mai maɓallai ba ya taɓa ta. Ko sim ɗin ya ɓace ka je aka sake maka wani da lambarka, rajistar tana nan tana jiranka.

Dabarar barin layi babu kuɗi

Wannan ita ce dabarar da ta fi yaɗuwa, kuma ita ta fi yaudarar mutane, domin tana kama da ta yi aiki. Mutum ya bar layinsa fayau na kwana biyar, ba a cire komai ba, sai ya ce ai sun gaji sun ƙyale shi. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne na'urar tana gwada cirewa, ta tarar babu kuɗi, ta ajiye rajistar a gefe, ta sake gwadawa daga baya. Ranar da ka saka kiredi, sau da yawa kafin ka gama karanta saƙon shigar kuɗin, an riga an cire. Wasu ayyukan ma idan ba su sami cikakken kuɗin mako ba sukan koma su cire na kwana ɗaya. Akwai waɗanda ke soke rajistar da kansu idan an daɗe ana gwadawa babu nasara, amma tsawon wannan lokaci mai aikin ne ke yanke shi, ba kai ba, don haka ba abin dogaro ba ne.

Yaya aka yi na shiga ban sani ba?

Hanyar da ta fi kama mutane ita ce ta shafin intanet. Idan kana amfani da datar layinka, ba wifi ba, kamfanin waya ya san lambar da ke buɗe shafin, kuma yana iya sanar da abokin hulɗarsa. Saboda haka shafin ba ya buƙatar ka rubuta lambarka. Talla ta fito a tsakiyar kallon bidiyo, an rubuta `Continuer` ko `Regarder` da manyan haruffa, farashin kuma yana can ƙasa da ƙananan haruffa da Faransanci. Dannawa ɗaya ko biyu, an gama. Yaron da aka ba wa waya ya yi wasa zai iya yin haka sau uku a yini guda bai san ya sayi komai ba.

Akwai kuma akwatin saƙo da ke faɗowa a fuskar waya yana neman a danna `OK`, wanda mai gaggawa ke dannawa don kawai ya kawar da shi. Akwai tayin gwaji kyauta na kwana ɗaya ko uku da ke juyewa ya zama na biya idan ba a soke ba. Sannan akwai mugayen manhajoji da ke yin rajistar a ɓoye, har su karanta lambar tabbatarwa da aka turo ta saƙo. A farkon 2020 kamfanin Google ya bayyana cewa ya cire manhajoji kusan 1,700 na wani gungu da ake kira Joker daga kantinsa saboda irin wannan aiki. Masu karɓar manhaja daga wayar aboki ko wajen masu tura finafinai a kasuwa su lura da wannan sosai.

Kafin a soke, a tabbatar da abin da ke cin kuɗin

Ba kowace raguwar kiredi ce rajista ba. Idan forfe na data ya ƙare kuma data na kunne, wayar na iya komawa cin kuɗin kira. Idan ka ranci kiredi, za a cire bashin da ladansa da zarar ka saka kuɗi. Forfe ɗin kamfanin kansa ma yana iya kasancewa mai sabunta kansa. Kuɗin da ya fita daga Orange Money ko MoMo kuwa wani asusu ne daban, kuma ana duba tarihinsa ta `#150#` ko `*126#`. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa daban, shi ya sa gwaji ya zo kafin komai.

Mu ɗauki misalin mai sayar da albasa a Marwa, wayarsa mai sim biyu ce. Yana zargin layinsa na farko. Sai ya biya duk bashin da ke kansa, ya saka sefa 1,000, ya kashe data a kan layin, ya mayar da kiransa da saƙonninsa kan layi na biyu. Ya rubuta 1,000 da lokacin a bayan littafin cinikinsa. Washegari a daidai wannan lokaci ya duba, ya ga 900. Jibi ya ga 800. Bai yi kira ba, data a kashe, babu bashi. Ragin kuma daidai yake, sefa 100 kowace rana. Wannan daidaito shi ne alamar rajista, domin kira da data ba sa cin kuɗi cif-cif haka. Gwajin yana buƙatar yini da dare cikakku, saboda wasu ayyukan a daidai sa'ar da aka yi rajistar suke sabuntawa, ba lallai da tsakar dare ba.

Daga nan sai ya shiga akwatin saƙonni. Ba saƙonnin mutane zai duba ba, na gajerun lambobi da na sunayen da bai sani ba. Kalmomin da ake nema su ne `abonnement`, `renouvellement`, `souscription` da `désabonnement`. Can ƙasa, a cikin saƙonnin makonni shida da suka wuce, ya sami wanda ke masa maraba da shiga wani shafin sakamakon ƙwallo, sefa 100 a rana, kuma a ƙarshensa an rubuta kalmar da za a tura da gajeriyar lambar da za a tura mata idan ana son fita. Makonni shida kwana 42 ne, wato sefa 4,200 idan kullum akwai kuɗi a layin.

Yadda ake sokewar

Saƙon farko shi ne mabuɗi, kuma umarnin da ke cikinsa ake bi harafi da harafi. Wani aikin `STOP` kaɗai yake so, wani kuma sai an haɗa da sunan aikin. Idan ka tura kalmar da ba ita ba, na'urar ba za ta gane ba, kai kuma ka tafi da zaton ka fita. Dole saƙon ya fita daga sim ɗin da ake cire wa kuɗi. A waya mai sim biyu nan ne ake yawan yin kuskure, domin wayar na iya turawa ta ɗaya layin ba tare da ta tambaye ka ba. Idan suna ne a saman saƙon ba lamba ba, ba a iya mayar masa da amsa kai tsaye. Lambar da ke rubuce cikin jikin saƙon ake tura wa.

Sokewa ba ta tabbata sai an sami saƙon da ke cewa an soke. Mai albasan ya tura, cikin minti guda amsa ta zo cewa an cire shi, ya ɗauki hoton fuskar wayar ya ajiye. Sannan ya ci gaba da gwajinsa. Kwana huɗu kuɗin na tsaye a 800. A rana ta biyar ya ga 650. Ashe akwai rajista ta biyu, ta mako-mako, sefa 150, wadda saƙonta ya daɗe da gogewa. Ga dalilin da ya sa kwana biyu na shiru ba su isa hujja ba. Akwai rajistar rana, akwai ta mako, akwai ta wata, kuma layi ɗaya na iya ɗaukar dukkansu. Waɗannan biyun kaɗai suna cin kusan sefa 3,600 a wata.

Idan saƙon ya ɓace, sai a koma ga kamfanin waya, domin ko da ba shi ne mai aikin ba, duk cirewar ta hannunsa take bi kuma tana rubuce a na'urarsa. Ana iya fara duba manhajar kamfanin, MyMTN ko Max it, a nemi sashen ayyuka ko rajistoci. In ba a gani ba, a kira sashen kula da masu hulɗa ko a je ofishinsu da katin shaidar da aka yi rajistar layin da shi. Yadda aka gabatar da buƙatar yana da tasiri ƙwarai. Wanda ya ce "ana sace min kiredi" zai iya dawowa da amsar cewa ya kashe data. Wanda ya ce "ina son a karanta min duk ayyukan biya da ke kan wannan lamba, da farashinsu da ranar da aka fara, a kuma soke su duka" ya nemi abin da ma'aikacin zai iya buɗewa a gabansa. Idan ya ƙara da ranaku da adadin da ya rubuta, babu sauran gardama. Kada a bar wajen sai saƙon sokewa ya shigo, kuma a tambaya ko za a iya toshe layin daga shiga irin waɗannan ayyuka nan gaba.

Akwai wani rukuni da ba ya bin wannan hanya. Idan rajistar ta cikin kantin Play Store aka yi ta, can ake soke ta ko da wace hanya ake biya: a taɓa hoton asusu, a shiga `Paiements et abonnements`, sannan `Abonnements`, a zaɓi aikin, a danna `Annuler l'abonnement`. Haka ma aikin da ka buɗe wa asusu da imel da kalmar sirri, a cikin asusun ake kashe sabuntawar.

Lambobin da ke zuwa daga Najeriya

Da yawa daga cikinmu bidiyon bayani na Hausa daga Kano da Kaduna muke kallo, kuma a ciki ana cewa a tura `STOP` zuwa `2442` ko a danna `*305#`. Waɗannan lambobi na gaskiya ne, amma hukumar sadarwa ta Najeriya ce ta tsara su don layukan Najeriya. Ɗan kasuwar da ke riƙe da sim ɗin can saboda zirga-zirgar Mubi ko Maiduguri zai amfana da su a kan wannan sim. A layin Kamaru ko na Chadi ba su da hurumi, ko da sunan kamfanin iri ɗaya ne, domin MTN na Kamaru da MTN na Najeriya kowanne da tsarinsa da hukumar da ke sa masa ido.

A yi hattara kuma da mai kira yana cewa daga kamfani yake, ya ga ana cire maka kuɗi, zai taimaka a soke har a mayar maka. Da ya kai ga neman lambar sirrin Orange Money ko MoMo, ko ya ce ka karanta masa lambar da ta shigo ta saƙo, ko ka danna wasu lambobi yana kan layi, to ɓarawo ne. Soke rajistar kuɗin kira ba ta buƙatar lambar sirrin asusun kuɗi ko kaɗan.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Kamfanoni da masu ayyukan suna da hujjarsu. Suna cewa wannan hanya ce ta ba wanda ba shi da banki damar sayen abin da yake so da ƙaramin kuɗi, kuma ba a cirewa sai an danna amincewa. Kashin farko gaskiya ne. Akwai masu son waƙar jiran kira ko sakamakon ƙwallo, suna biya da saninsu, ba su da ƙorafi.

Kashi na biyu ne nake da ja a kansa. Dattijuwar da ba ta karanta Faransanci, ta danna maɓallin da ya tare mata fuskar waya, ba a ce ta amince da ciniki ba. Shiga da dannawa ɗaya, fita kuma sai an tono saƙon da ya shekara ko an hau babur zuwa ofis, wannan ba adalci ba ne, musamman ga mutumin ƙauye da kuɗin motarsa zuwa gari ya fi abin da zai ceto. Tunda kamfanin waya yana da kaso a kowace cirewa, ba zai ce shi ɗan aike ne kawai ba. Abin da ya kamata shi ne kowace cirewa ta zo da saƙo mai ɗauke da sunan aikin da hanyar fita, kuma kowane layi ya sami wuri guda da zai nuna duk rajistocinsa.

Illar ta wuce kuɗin da aka cire. Mutane da yawa sun daina ajiye kiredi a layi, suna sayen forfe kai tsaye daga asusun kuɗin waya don kada a sami abin gutsira. Dabarar tana rage asara, amma rajistar tana nan da ranta, kuma ranar da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa kiredin 500 daga Yaunde don ta kira shi, a ranar za ta farka.

Ana mayar da kuɗin da aka riga aka cire?

Sokewa tana tsayar da na gaba ne kawai. Kuɗin da ya tafi sai an nema daban, kuma samunsa ya dogara da hujja. Wanda ya yi rajista da kansa ya manta, da wuya a mayar masa. Wanda kuwa aka ci gaba da cire masa bayan saƙon sokewa ya shigo, hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma nan ne hoton da aka ajiye ke amfani. A fara da kamfanin waya, a rubuta koken, a nemi lambar shaidar shigar da shi. A cikinsa a sa lambar layin, sunan aikin, ranakun cirewa da adadinsu, da ranar da aka tura sokewa. Idan ba a sami amsa mai gamsarwa ba, a Kamaru hukumar ART ce ke sa ido a kan kamfanonin sadarwa kuma tana karɓar koken masu amfani da waya, sannan akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 6 ga Mayun 2011. A Chadi hukumar ARCEP ce ke wannan aiki.

Matsala guda da ke tare mutane a ofis ita ce layin da ba da sunansu aka yi masa rajista ba. Sim ɗin da aka saya a bakin hanya da katin shaidar wani, ko wanda yaya ya yi wa ƙanwarsa, ma'aikaci na iya ƙin buɗe bayanansa ga wanda ba mai sunan ba. Soke ta saƙo ba ta buƙatar katin shaida, tunda daga layin take fita. Amma neman tarihin cirewa da neman a mayar da kuɗi suna iya buƙata, don haka mai irin wannan layi ya tafi tare da wanda sunansa ke kai, ko ya fara gyara rajistar layin ta koma sunansa kafin ya shigar da koke.